Basillar Baba: yadda na yi fama da sakin layi na ƙarshe

Ƴan uwa masu koyon rubutu, sati uku ke nan ina kan shafi ɗaya. Labarin shafi 11 ne a kaye, goma sun zauna lafiya tun kafin azumi, na sha ɗayan ne ya ƙi. Ga abin da ya faru, ko wani zai tsira daga ramukan da na faɗa.

Labarin na wasu ƴan uwa biyu ne, ƴaƴan wani baduku a Birni, tsohuwar unguwar Damagaram. Da uban ya rasu, ƙanen, Habu, ya sayar da sirdin da tsohon ya bari, ya kama hanyar Agadas da kuɗin. Bayan shekara tara ya dawo hannu rabbana, ya riƙa zuwa zauren yayansa Sani kullum da safe yana zama a bakin ƙofa. Sani yana amsa sallama, don wannan haƙƙi ne, amma daga nan ba ya ƙara ko uffan.

Ƙarshen farko da na rubuta, Sani ya tashi ya rungume Habu, suka yi kuka, liman ya shigo ya yi musu nasiha kan zumunci. Na karanta wa Gwaggona da dare a tsakar gida. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To, ƙurunƙus ke nan." Ba yabo ba ne. Nufinta na ɗaure bakin buhun kamar tatsuniya, ban bar mata komai da za ta kwana da shi ba. Kuma mutumin da ya yi shafi goma ba ya magana, wa zai yarda rana ɗaya ya ɓarke da kuka a gaban jama'a?

Sai na yi tsalle zuwa ɗaya gefen. Na tsayar da labarin a inda Habu ya yi sallama ran Alhamis, Sani yana haɗa kaya zai tafi kasuwar Dole, ya ɗago kai ya dube shi. Shi ke nan. Na ɗauka na yi gwaninta. Abokina da muke musayar rubutu ya juya takardar yana neman bayanta, ya ce, "Ina sauran?" Duk ranar da mai karatu ya juya takarda yana neman ci gaba, to yanke labarin aka yi kawai.

A nan na gane inda na ɓata. Tambayoyi biyu ne a cikin labarin, ni kuma na cakuɗa su. Akwai ta abin da zai faru: Habu zai zauna a Damagaram ko zai sake tafiya, zai biya kuɗin sirdin ko ba zai biya ba. Akwai kuma wadda ke cin ran mai karatu tun shafi na uku: har yanzu Sani yana ɗaukar Habu ɗan gidan nan? Ta farkon ana iya barinta a buɗe, babu wanda zai ji an cuce shi. Ta biyun bashi ce, dole a biya. A gwajin farko na amsa duka biyun, a na biyu ban amsa ko ɗaya ba.

Gwaji na uku ba zan daɗe a kansa ba, kunya yake ba ni. Rana tana faɗuwa a bayan duwatsun Birni, tsuntsaye suna komawa gida. Kyau kam da kyau, amma za a iya manna shi a gindin kowane labari.

Maganin a shafi na biyu na same shi, cikin abin da na rubuta tun farko ban kula ba. Akwai wurin da Habu yana ɗan shekara bakwai ya ɗauki basillar ubansu yana wasa, tsohon ya make masa hannu ya ce ba a taɓa ta sai wanda ya isa. Bayan rasuwarsa basillar tana wurin Sani, cikin ɗan kube na jar fata. Abin da nake nema ke nan, wani abu da mai karatu ya riga ya san nauyinsa, yadda in ya motsa ba sai na yi bayani ba. Ga yadda sakin layin ya tsaya yanzu:

"Sani bai ɗago ba. Ya gama yanka fatar, ya jera guntayen a gefen tabarma. Sannan ya zaro basillar daga kubenta, ya ajiye, ya tura ta da bayan yatsa har ta tsaya daidai gwiwar Habu. Ya jawo wata fatar ya ci gaba da yanka. A waje mai garuwa yana wucewa yana kiran ruwa."

Abubuwa biyu na kiyaye a nan. Na ɗaya, wanda tambayar ke hannunsa shi ne ya motsa. Da Habu ne ya miƙa hannu ya ɗauki basillar, da labarin ya koma na rashin kunyarsa ko na ƙarfin halinsa, alhali ba shi muke jira ba. Na biyu, motsin bai fi ƙarfin halin Sani ba. Mutum ne mai taurin kai, iyakar abin da zai iya shi ne tura ƙarfe tsawon kamu biyu a kan tabarma ba tare da ya dubi kowa ba. Habu ya ɗauka? Ya zauna? Sirdin fa? Labarin bai ce ba, kuma ba na jin ya kamata ya ce.

Amma ko da na samu hoton, sai da na ɓata shi sau biyu. Da farko na ƙara jimla a ƙasa: "Habu ya gane cewa yayansa ya yafe masa." Tsoro ne ya sa ni, kada a kasa fahimta. Da na karanta da ƙarfi sai na ji kamar mai ba da dariya yana bayanin abin dariyar, na soke ta. Ban da haka ma, kalmar yafewa ta yi wa abin da ya faru girma. Sani ya buɗe ƙofar aiki ne, zancen zuciya kuwa wataƙila sai an shekara.

Kuskure na biyu, da na ga basillar tana aiki sai na koma na cusa ta ko'ina, har sau biyar. Abokina ya ce tun shafi na shida ya san inda za a sauka. Na rage ta zuwa biyu: dukan hannun nan na yarinta, da wani wuri a tsakiya inda almajirin Sani ya kai hannu gare ta, Sani ya janye kuben bai ce komai ba.

Yanzu in na ba mutum ya karanta, tambaya biyu nake yi masa. Me Sani ya yanke a ransa? Me zai faru gobe? Mutum huɗu na gwada. A ta farko bakinsu ya zo ɗaya, duk sun ce ya karɓe shi. A ta biyu suka rabu: biyu sun ce Habu zai zauna ya koyi ɗinki, ɗaya ta ce kunya za ta kore shi kafin Sallah, na huɗun ya ce ba ruwansa. Haka nake so, a haɗu a ta farko a watse a ta biyu.

Saura mai garuwan nan na jimlar ƙarshe. Na sa shi ne don kada labarin ya tsaya cak a kan basillar kamar an buga tambari, a ji gari yana ci gaba da harkarsa. Gwaggo ta ce in cire shi, wai yana janye mata hankali zuwa randarta da babu ruwa. Abokina ya ce in bar shi. Na rubuta duka biyun a takarda daban-daban, na sa a ƙarƙashin kaye, sai Juma'a in sake dubawa.