Wurin SIWES biyu: Katsina ko Kano?

Ɗalibin da ya samu wurin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, ɗaya a Katsina ɗaya a Kano, kada sunan kamfani ya ruɗe shi. Ya fara tambayar wa zai riƙa duba aikinsa kullum, kuma mutum nawa ke ƙarƙashinsa. Injiniya ɗaya mai ɗalibai ashirin, wallahi sai dai ka ƙare wata shida kana ɗaukar fayil da sayo abinci. Alamar wuri mai kyau: ɗaliban bara za su iya faɗa maka aikin da suka yi da hannunsu.

Sannan kuɗi. A Kano akwai hayar ɗaki, wadda galibi ta shekara ake biya ko da wata shida za ka zauna, ga kuɗin adaidaita da abinci. In kai ɗan Katsina ne, a Katsina kana gidanku. Kada ka sa alawus ɗin ITF, hukumar da ke kula da SIWES, a lissafi, yakan makara sosai.