Naira nawa za ta shigo hannu, kuma yaushe?

Aikina rubuta talla ne, na rediyo da na takarda, a nan Sakkwato. Wani kamfanin tura kuɗi ya ba ni aikin rubuta masa saƙon da zai kwantar da hankalin iyalan 'yan ci-rani, musamman waɗanda 'ya'yansu ko mazajensu ke aiki a Saudiyya. Abu biyu suke so a faɗa: kuɗi na zuwa da sauri, kuma canjinsu na adalci ne. Na karɓi aikin da sharaɗin sai na fara zama da masu karɓar kuɗin, domin su ne za a yi wa magana.

Na zauna da iyalai a cikin gari da Gwadabawa da Illela. Babu wanda ya tambaye ni ko kamfanin babba ne. Wata dattijuwa da ɗanta ke tuƙin mota a Jidda ta ce min: "Ɗan nan, ni ban san riyal ba. Ka gaya min, kuɗɗin da anka turo, naira nawa za ni riƙa ga hannuna?" A kan wannan tambayar na gina tallan gaba ɗaya.

Abin da ya sa tambayar take da nauyi shi ne kamfanin tura kuɗi wuri biyu yake cin riba. Akwai ladan turawa, wanda ake rubutawa kowa ya gani. Akwai kuma ratar da ke tsakanin farashin canji na kasuwa da wanda kamfanin ke ba mai turawa, kuma nan ne kuɗin talaka ke zurarewa bai sani ba. Ga lissafin da na yi wa manajan kamfanin a takarda, da alƙaluma na misali. A ce riyal ɗaya naira 400 ne a kasuwa, yaro ya turo riyal 500, wato naira 200,000. Kamfanin da ke shelar "turawa kyauta" amma yake canzawa a 376, uwa za ta karɓi 188,000. Wanda ya cire riyal 15 na lada ya canza sauran 485 a 392, za ta karɓi 190,120. Mai cewa kyauta ya ci 12,000, mai karɓar lada a fili ya ci 9,880. Don haka na ƙi sa kalmar "kyauta", na kuma ƙi "farashin da ya fi na kowa", tunda canji na motsawa kullum, kuma ba mai iya rantsuwa a kan farashin gobe. Abin da na rubuta shi ne: "Kafin ɗanku ya tura, zai ga naira nawa za ta iso muku. Abin da ya gani, shi za a biya." Sai da na ga da idona cewa manhajarsu tana kulle farashin a lokacin turawa kafin na yarda wannan jimlar ta fita.

Akwai abin da dole ya shiga tallan ko da ba ya da daɗin ji. Tun watan Janairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya ce kuɗin da aka turo daga waje ta hannun irin waɗannan kamfanoni da naira za a biya su, kuma abin da ya haura kwatankwacin dala 200 sai dai a zuba a asusun banki. Magidanci da yawa har yanzu suna zaton za a miƙa musu dala su kai wa ɗan canji da kansu. Idan talla ta yi shiru a kan wannan, ranar karɓa mutum zai ga kamar an cuce shi, alhali doka ce.

Maganar sauri ta fi ba ni wuya. Kamfanin "nan take" yake so. Na tambayi ma'aikatansu hanyar da kuɗin ke bi, sai ga ta zango uku. Kamfani zai karɓa a can ya tantance mai turawa. Daga nan kuɗin ya faɗa asusun mai karɓa a nan. Sai kuma a cire a banki ko wurin mai POS. Zangon tsakiya yakan ɗauki mintoci ne kawai idan komai na lafiya. In an samu tsaiko kuwa, dalilansa sanannu ne. Wanda ke turawa karon farko sai an duba takardunsa. Juma'a da Asabar ne hutun mako a Saudiyya, mu kuma Asabar da Lahadi, ga agogonsu ya riga namu da awa biyu, saboda haka matsalar da ta taso ranar Alhamis da dare tana iya jiran Litinin kafin ofisoshin biyu su kasance a buɗe tare. Sai matsalar suna, wadda ta fi yawa a wurinmu: yaro ya rubuta Hauwa'u Muhammadu, a BVN kuma Hauwa Mohammed ce, sai kuɗi su tsaya. Akwai kuma ƙaramin asusu da aka buɗe ba cikakkun takardu, wanda ke da iyakar abin da zai iya ɗauka.

Alkawarin "nan take" ga wadda ke jiran kuɗin asibiti ba ƙaramin abu ba ne. In ta biya kuɗin mota daga ƙauye ta iso ba alat, ta yi asarar wuni da kuɗin mota, kuma za ta fara zargin ɗanta bai turo ba. Na ga yadda wannan zargin ke ɓata tsakanin uwa da ɗa, shi ya sa na dage. Muka daidaita a kan haka: "Yawanci kuɗi kan shiga asusu cikin mintoci. Turawar farko kan ɗauki lokaci saboda tantancewa. Kada ku taso sai kun ga saƙo a wayarku. Ku karanta wa mai turawa sunanku yadda yake a banki, harafi bayan harafi, da lambar asusu mai alƙaluma 10." Manajan ya ce, "Malam, wannan ai gargaɗi ne, ba talla ba." Na ce masa, "Ranka shi daɗe, wanda aka gaya wa inda ramin yake shi ke sake bin hanyar."

Kafin a ɗauki murya na karanta rubutun ga wasu mata a wata makarantar Islamiyya, na ce kowacce ta maimaita min abin da ta ji da bakinta. Wannan gwajin ya fi tambayar ko talla ta yi daɗi, domin kunya za ta sa kowa ya ce ta yi. A nan na gane cewa "abin da ya gani shi za a biya" wasu sun ɗauke shi har da wurin mai POS, alhali shi ma yana cire ladansa, kuma kamfani ba shi da iko a kai. Sai na ƙara jimla ɗaya: "Mai POS na da nasa lada, ku tambaya kafin ku cire." Wata kuma ta ce an taɓa kiranta a waya aka ce kuɗinta sun maƙale, sai ta faɗi lambar sirrin katinta. Wannan ma ya shiga: kamfani ba ya kira ya nemi lambar sirri, ba ya kuma neman a biya wani abu kafin a saki kuɗi.

Tallan ta ƙare da abin da za a yi idan kuɗi ba su iso ba: a karɓi lambar shaidar turawa daga wurin wanda ya turo, a kira layin kamfani, wanda zai ɗauka kuma da Hausa zai yi magana. Na kira layin da kaina da yamma, na sake kira ranar Asabar, sai da Bahaushe ya amsa min kafin na miƙa rubutun aka kai gidan rediyo.