Abin da ke sa kirim ya ƙi yin kauri komai bugun da aka yi masa

Da yawa suna ɗauka cewa in kirim ya ƙi tashi, ƙarfin hannu ne bai isa ba, ko injin bugawa ne ba shi da kyau. Na daɗe ina buga kirim don ado a kan kek, kuma abin da na tabbatar shi ne, kafin maburgi ya taɓa kwano an riga an yanke hukuncin ko zai yi kauri ko ba zai yi ba. Abu biyu ne ke yanke shi: yawan maiƙon da ke cikin kirim ɗin, da kuma sanyin da maiƙon yake da shi a lokacin bugawa.

Don in ga lamarin da idona, na ɗauki kwalin kirim guda wanda aka rubuta maiƙonsa kashi 35 cikin 100, ya kwana a firij, na raba shi kwano biyu. Ɗaya na mayar da shi firij tare da maburgin. Ɗayan na bar shi a kan tebur har ma'aunin zafi ya nuna ya haura digiri 20 a ma'aunin Salshiyas. Mai sanyin yana wajen digiri 5 lokacin da na fara. Da farko ya yi manyan kumfa kamar na sabulu, sai kumfan suka ƙanƙance har ido bai ganinsu, sai maburgi ya fara barin sawu a kansa. Cikin 'yan mintuna ya kusa ninka yawansa, na ɗaga maburgin sai tsininsa ya tsaya bai zube ba. Na biyun kuwa ya yi kumfa a sama, amma da na tsaya sai kumfan ya kwanta. Na ci gaba da bugawa, bai bi ta matakin laushin nan mai kyau ba ko kaɗan. Daga tsinkakke sai ya koma mai gudaji-gudaji, launinsa ya ja zuwa rawaya, ruwa ya fara fita a gefe. Ya kama hanyar zama man shanu ke nan. Kwali ɗaya ne, hannu ɗaya, maburgi iri ɗaya, sanyi kawai ya bambanta su.

Dalilin yana cikin yadda maiƙon madara yake zaune. Ba a narke yake cikin ruwan ba. Yana nan ne a matsayin ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace ƙwaya an lulluɓe ta da wata siririyar fata da ke hana ta manne wa 'yar uwarta. Idan aka fara bugawa, iska na shiga, furotin ɗin madarar ya riƙe kumfan na ɗan lokaci, amma riƙon ba shi da ƙarfi. Bugun yana kuma yayyaga fatar ƙwayoyin maiƙon. Waɗanda fatarsu ta yage sai su taru a jikin kumfan iskar, su manne da juna, har su yi wata raga da ta kewaye kowane kumfa ta kuma haɗa shi da na kusa. Wannan ragar ce kaurin da muke nema. Ita ke riƙe iska, ita ke hana ruwan tsiyayewa.

Sai dai ragar ba ta tsayawa sai in maiƙon yana tsakanin daskarewa da narkewa. Maiƙon madara ba ya narkewa a digiri guda, haɗakar mai iri-iri ne, kowane da inda yake narkewa. A sanyin firij wani kaso mai yawa nasa a daskare yake, sauran kuma ruwa ne. Da zafi ya kai kusan na jikin mutum, wajen digiri 37 zuwa 40, duka ya narke. Daskararren shi ne tubalin ginin, mai ruwan kuma shi ne simintin da ke haɗa tubalan. A cikin kirim mai sanyi, ƙwayoyi biyu in sun haɗu sukan manne amma kowace ta riƙe siffarta, saboda ƙarfin daskararren da ke cikinta. A cikin mai ɗumi kuwa, in sun haɗu sai su narke cikin juna su zama babban ɗigo guda, kuma narkakken mai fasa kumfa yake yi. Shi ya sa kwanona na biyu ya tsallake kauri ya faɗa man shanu. Iyakar da nake kiyayewa ita ce kada kirim ya wuce digiri 10 har a gama, kuma na fi son in fara tsakanin 4 da 7.

Akwai wani abu game da sanyin da ma'aunin zafi ba zai gaya maka ba, kuma a nan ne na ga mutane sun fi ruɗewa. Maiƙo ba ya daskarewa nan take. Ruwan kirim ɗin yana iya yin sanyi cikin awa ɗaya, ka taɓa kwalin ka ji shi kamar ƙanƙara, alhali maiƙon da ke cikin ƙwayoyin bai gama daskarewa ba. Yana buƙatar sa'o'i masu yawa. Wannan ya fi shafar kirim mai daɗewa, wanda aka dafa da zafi mai tsanani aka rufe a kwali har ana iya ajiye shi ba firij. Irin wannan ni nakan ba shi kwana guda cur a firij, kuma a can ciki nake sa shi, domin jikin ƙofa ya fi ko'ina ɗumi. Jefa shi firiza don a yi sauri ba mafita ba ce. In ya yi ƙanƙara, tsinin ƙanƙarar na fasa ƙwayoyin maiƙon, sai ka narkar da shi ka tarar ya rabu, in ma ya bugu ba ya tashi yadda ya kamata kuma yakan yi tsaki-tsaki a baki.

Kwanon ma yana da nasa hannu. Kirim kofi ɗaya ba shi da yawa, in aka zuba shi a babban kwanon da ya sha zafin kicin, nan da nan zai ɗauki ɗumin, ga shi bugun kansa yana ƙara ɗan zafi. Kwanon ƙarfe nake amfani da shi, in sa shi da maburgin a firiza kamar minti 15 kafin in fara. Ranar da ɗaki ya yi zafi sosai sai in ɗora kwanon a cikin wani babba mai ruwa da ƙanƙara, in buga a haka.

Yanzu maganar yawan maiƙo. Sanyi ba ya ƙirƙiro maiƙon da babu shi. Dole ƙwayoyin su yi yawan da za su lulluɓe dukkan kumfan su kuma kai ga juna, kuma hakan ba ya samuwa sai maiƙon ya kai wajen kashi 30 cikin 100. Madarar shanu cikakkiya tana da kusan kashi 3.5 ne kawai. Kirim mara nauyi, irin na zubawa a kofi ko na girki, galibi yana wajen kashi 18 zuwa 20, kuma ko ya kwana nawa a firij ba zai tsaya ba. A kashi 30 zai tashi, amma da laushi, kuma ba ya jimawa sai ya fara kwanciya. Kashi 35 zuwa 40 shi ne inda aiki ya fi daɗi: yana tashi da sauri, yana riƙe zanen da aka matsa a kan kek. Akwai mai kashi 48, wanda ke yin kauri cikin ƙiftawar ido amma bai cika kumbura ba, kuma in ka kau da kai kaɗan ya zama man shanu. Don haka ni ba na kallon sunan da ke gaban kwali, ina juyawa baya ne inda aka rubuta yawan maiƙo a cikin giram 100 ko mililita 100. In na ga 35, na san inda na dosa. In na ga 20, na san na miya ne. Kaurin da ido ke gani a kwali ma yana yaudara, domin wasu kirim ɗin girki an sa musu sitaci ko wani abin kauri, sai su yi kama da masu maiƙo alhali ba su kai ba.

Wata rana wata ɗaliba da nake koya wa aikin kek ta kawo mini kwanonta, ranta a ɓace.

"Anti, na fi minti goma ina bugawa, kuma wallahi daga firij na ciro shi."

Na duba kwalin, kashi 35 ne. Na sa ma'auni, digiri 6. Duk ƙa'idar sanyi ta cika. Sai na tambaye ta ko ta zuba wani abu a ciki. Ta ce ta ga ba zai isa kek ɗin ba, sai ta ƙara madara don ya yi auki. Muka zauna muka yi lissafi. Kirim mililita 250 mai kashi 35 yana ɗauke da maiƙo kusan 87.5. Madara mililita 100 mai kashi 3.5 ta kawo 3.5 kacal. Jimillar maiƙo 91 ke nan a cikin ruwa mililita 350, wato kashi 26 cikin 100. Madarar da ba ta kai rabin kofi ba ta sauko da shi ƙasa da iyaka. Muna da wani kwalin mai sanyi, shi ma mai kashi 35, sai muka zuba mata ƙarin mililita 300. Maiƙon ya zama 196 a cikin 650, wato ya ɗan haura kashi 30. Muka mayar da shi firij ya huta, muka sake bugawa a kan ƙanƙara, ya tashi. Bai yi ƙarfin da za a matsa fure da shi ba, amma ya isa shafe kek. Wannan lissafin ya shafi duk wani ruwa da za a ƙara, ko ruwan 'ya'yan itace ne ko narkakken kofi. In ana son ɗanɗano, a sa kaɗan, mai sanyi, kuma bayan kirim ɗin ya fara kamawa. Sukari ma a nan nake sa shi, lokacin da maburgi ya fara barin sawu, domin in an zuba shi tun farko yana ɗan jinkirta tashin.

Da kallo kawai ana iya gane wanne ne ya hana. Kirim mai ƙarancin maiƙo yakan zauna fari, sumul, da kumfa a sama, kuma ko an daɗe ana bugawa ba ya canjawa. Mai ɗumi kuwa yakan yi sheƙin mai, ya fara tsaki, ya ja zuwa rawaya. In an kama mai ɗumin da wuri, tun yana sumul, a dakata, a mayar da shi firij na wasu sa'o'i a sake gwadawa, sau da yawa yakan tashi. In tsakin ya fara fitowa ne bayan ya riga ya yi kauri, to bugun ne ya wuce gona da iri, kuma cokali biyu ko uku na sabon kirim mai sanyi, a juya a hankali da hannu, yakan dawo da santsinsa. Amma da zarar ruwa ya ware gefe guda, gudajin mai gefe guda, fatar ƙwayoyin ta riga ta tafi, ba ta komawa. A nan sai in ci gaba da bugawa har ya haɗe, in tsiyaye ruwan, in wanke man da ruwan sanyi in ajiye, sannan in buɗe sabon kwali don kek ɗin.