Kafin ku ce kabon beta, ku tambaya ko akwai komowa

Ƙannena masu karatun kimiyyar sinadarai, sinadari irin saikuloheksinon ƙofa biyu gare shi. Gindinsa shi ne C=C–C=O, kuma irin wannan kiton shi ake kira inon. Oksijin yana jan lantarki zuwa wajensa, don haka kabon ɗin kabonil ya zama mabuƙaci, kuma jan bai tsaya nan ba, ya ratsa ta C=C har ya taɓa kabon na nesa, wato beta. Nukiliyofil na iya shiga ta kowacce. In an ƙirga daga oksijin a matsayin 1, shiga ta kabonil ita ce ƙarin 1,2, shiga ta beta kuma ƙarin 1,4.

Lokacin da nake aikin digiri na biyu a Jos, ina buƙatar 3-metilsaikuloheksanon. Na san abu ɗaya na gaskiya, sai na ɗora masa nauyin da ba nasa ba: samfurin 1,4 ya fi zama daram, domin yana riƙe C=O ya sadaukar da C=C, kuma ɗaurin C=O ya fi ƙarfi. Sai na ce ai ke nan metil zai tafi beta. Na haɗa CH₃MgI daga magniziyam da CH₃I a cikin busasshen Et₂O, na zuba saikuloheksinon, na kashe da ruwan NH₄Cl. Da IR ya fito, babu layin kiton a 1715 cm⁻¹ da nake jira, sai wani faffaɗan tudu na O–H wajen 3400. Abin da na haɗa shi ne 1-metilsaikuloheks-2-in-1-ol. Malamin da ke duba aikina ya kalli takardar ya ce, "Malam, wa ya gaya maka metil in ya shiga yana fita?"

Wannan ita ce tambayar da ya kamata in fara yi. Zaman daram ɗin samfuri ba ya yanke hukunci sai in akwai hanyar komowa. A mafi yawan lokuta kabonil ne ya fi saurin karɓa, domin nan cajin ya fi taruwa. In nukiliyofil zai iya sakin wurin bayan ya kama, to zai yi ta shiga da fita har ya faɗa beta, inda komowa ke da wuya, a hankali duk kayan su taru can. In kuwa ba zai iya saki ba, inda ya fara sauka nan ya zauna. CH₃⁻ beis ne mai tsananin ƙarfi, ba ya barin kabon da ya riga ya ɗaure da shi. Cinikinsa irin na shagon nan ne da aka rubuta "in an saya ba a mayarwa".

Sayanaid ya fi kowa nuna wannan a fili. Ku haɗa shi da butinon, CH₂=CH–CO–CH₃, a cikin sanyi, wajen digiri 5 zuwa 10, za ku sami sayanohaidirin, wato 1,2. Ku ɗumama wannan haɗin zuwa wajen digiri 80, sayanohaidirin ya warware, CN⁻ ya koma beta, ku sami NC–CH₂CH₂–CO–CH₃. Sinadaran ba su canja ba, zafi da lokaci kawai aka ba su. Amin da tayol ma galibi a beta suke ƙarewa, haka inolet ɗin malonet a ƙarin da Arthur Michael ya bayyana a 1887.

Sai in amsar ta zama "babu komowa" ne za ku shiga tambaya ta biyu: ina ya fi saurin kamawa? Nan ne maganar tauri da laushi ke aiki. Nukiliyofil mai tauri, wanda cajinsa ya dunƙule wuri ɗaya kamar CH₃Li ko LiAlH₄, caji yake bi, sai ya nufi kabonil. Mai laushi kuwa haɗuwar obital ce ke jan sa, kuma LUMO na inon ya fi girma a kan beta. Kada ku rikita wannan da ƙarfi ko rauni. Na ga ɗalibai da yawa suna rubuta cewa (CH₃)₂CuLi yana zuwa beta ne don samfurin ya fi zama daram. Ba haka ba ne. Shi ma in ya ɗaure ba ya komowa; beta ce kawai hanyarsa mafi sauri, domin jan ƙarfen da ke cikinsa, wato Cu, yana fara kama C=C ne kafin ya miƙa metil.

Jan ƙarfen nan ne ya gyara mini aiki, kuma dabarar tsohuwa ce: a 1941 Kharasch da Tawney suka nuna cewa ɗan gishirin CuCl yana karkatar da CH₃MgBr zuwa beta a kan aisoforon. Ga yadda na sake yi. Na shirya milimol 12 na CH₃MgI a ƙarƙashin naitirojin, na sanya tulun cikin ƙanƙara, na zuba CuI miligiram 95, wato milimol 0.5, kashi 5 cikin ɗari na yawan inon da zan zuba. Sannan na narkar da saikuloheksinon giram 0.96, milimol 10, a cikin Et₂O, na riƙa ɗiga shi a hankali. Wannan ɗigawar ba ado ba ce. Jan ƙarfen kaɗan ne, yana kai metil ya dawo ya ɗauki wani, alhali CH₃MgI da bai haɗu da shi ba yana nan zaune a tulun. In kuka juye inon gaba ɗaya, jan ƙarfe ba zai iya da yawansa ba, ragowar ya faɗa hannun CH₃MgI, ku tashi da cakuɗen kiton da alkahol. Ku duba launin CuI ɗin kafin ku auna: mai kyau fari ne ko fari-fari, in ya koma ruwan ƙasa ko kore ya fara lalacewa. Damunar Jos ma ba ta raga wa kayan gilas, ku busar da su a oban ku haɗa da zafinsu, domin danshi kaɗan yana cinye CH₃MgI.

Abin da ke cikin tulun kafin a kashe shi inolet ne, sai NH₄Cl ya ba shi H⁺ ya zama kiton. Shi ya sa suna ya ce 1,4 amma a ido H ɗin yana kan kabon alfa.

Dokar tana da iyaka, kuma siffar sinadarin na iya rinjayarta. Aldihaid irin akurolin kabonil ɗinsa a buɗe yake, ya fi kiton jawo 1,2. In beta na ɗauke da metil biyu, shiga can na yin nauyi. NaBH₄ kuma ba ya tsayawa gefe ɗaya, a kan saikulopentinon yakan rage C=C ɗin ma, sai an haɗa shi da CeCl₃ a cikin metanol, kamar yadda Luche ya nuna a 1978, sannan ya tsaya a kabonil.

Kada ku amince da hasashenku sai kun gwada samfurin. Inon na asali yana nuna C=O wajen 1680; in ya hau zuwa 1715, 1,4 kuka samu. A NMR, metil na 1,4 layi biyu ne kusa da 1.0 kuma babu H na C=C, na 1,2 kuwa layi ɗaya ne kusa da 1.3 tare da H biyu tsakanin 5.6 da 5.8. In babu na'ura a kusa, 2,4-DNP zai ba da gari mai ruwan ɗorawa ko lemo da kiton, amma ku tuna inon da bai ƙare ba shi ma yana ba da gari, mai ja-ja. Don haka ku fara ɗiga samfurin kusa da inon na asali a faranti na TLC ku haska da UV: inon yana bayyana baƙi, 3-metilsaikuloheksanon kuwa kusan ba ya nunawa.