Alhamis: ranar sallamar Baban rajista

Yau da hantsi aka liƙa sanarwa a allon ofis: Baba, wanda ke riƙe da ɗakin fayil, zai ajiye aiki ƙarshen wata. Ya kama aikin gwamnatin tarayya a 1990, shekara 35 ke nan cif. Bai kai 60 ba, amma ƙa'ida ita ce wadda ta riga cika, shekarun aiki ko na haihuwa, da ita ake tafiya.

Bayan azahar muka taru. Ni aka sa na yi jawabi, na ce: "Baba, a hannunka muka koyi aiki. Ba mu taɓa neman fayil ka ce mu dawo gobe ba. Abin da muka yi maka ba daidai ba, ka yafe mana. Allah Ya sa hutu ne." Ya cire tabarau ya goge ido da hannun riga, ya ce shi ma a yafe masa.

Da aka watse na zauna da shi muna duba takardunsa na fansho, don abin da ke damuna ke nan. Tun bara ya yi tantancewar hukumar fansho ta ƙasa, wato PenCom, ya miƙa takardar kama aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, ta albashi da ta shaidar shekaru. Kuɗinsa kashi biyu ne. Akwai abin da ake tarawa a asusunsa duk wata tun da aka kawo sabon tsari a 2004, wanda a dokar 2014 ya koma kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, 10 daga gwamnati. Sai haƙƙin shekarun da ya yi kafin nan, wanda gwamnati za ta zuba masa a dunƙule. A nan jira yake, domin sai wannan ya shiga asusun sannan kamfanin fansho zai yi lissafi.

Baba ya ɗauka duka za a damƙa masa a matsayin garatuti, har ya fara zancen rufin gida. Na ce a'a, Baba, wani kaso za a ba ka a hannu, sauran a bar shi yana biyan ka wata-wata. Ko kamfanin fanshon ya riƙa biya daga asusun, ko ka sayi fanshon rai-da-rai a kamfanin inshora. In ka kwashi da yawa yanzu, na wata zai ragu.

Sai ga matsala: a fayil sunan mahaifinsa ne na biyu, a katin NIN kuwa sunan garinsu ne. Irin wannan saɓanin yakan tsayar da biya. Litinin da safe zan raka shi a gyara, kafin albashin ƙarshe ya shigo.