Kauɗa ce kishiyata, ba wani kamfani ba

Har yanzu raina na sosuwa idan na tuna yadda ma'aikacin banki ya turo mini dosiyena a kan tebur. Ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana nake son kafawa a Tawa, masu kayan gwari su riƙa ajiye kwandunansu suna biya kowane dare. A shafin abokan gogayya layi ɗaya na sa: babu mai irin wannan sana'a a inda zan kafa. Gaskiya ce kuwa. Ya ce, "Malam, in babu mai yi, ko dai babu mai buƙata, ko kuma akwai abin da ke biya musu buƙatar da ba ka gani ba. Wanne ne?"

Na koma kasuwa da wata tambaya dabam. Na bar tambayar ko za su so ɗakin sanyi, don kowa "i" zai ce maka saboda kunya. Sai na riƙa tambaya: tumatirin da ya kwana jiya, ina ya tafi?

Wata dattijuwa ta ɗaga jiƙaƙƙen buhun da ta rufe kwandonta, ta nuna mini ta kasa shi uku. Mai ƙarfi na masu cefane ne. Wanda ya fara laushi masu tuwon sayarwa ke kwashewa da yamma a rabin kuɗi. Sauran a yanka a shanya ya zama kauɗa. Ta ce, "Ɗana, me ya lalace a nan?"

Nan lissafina ya rushe. Kwandon jika 10 na ɗauka asararsa jika 2 ce cikin kwana uku. Ashe tana maido da kusan rabi ta hanyar kauɗa da rangwamen yamma, asarar gaske jika 1 ke nan. Ni kuwa dala 100 na yanka a dare, wato jika ɗaya da rabi a kwana uku. Maganina ya fi ciwon tsada!

Sabon shafin da na rubuta, kauɗa ce a sama, sai rangwamen yamma, jiƙaƙƙen buhu, da tumatirin gwangwani da mai miya ke komawa gare shi in ɗanye ya yi tsada. Kowanne na faɗi abin da yake ci wa mai kaya, da inda ya fi ni. Wannan na ƙarshe ya fi wuyar rubutawa, amma shi ma'aikacin ya fi tsayawa a kai: kauɗa ba ta son kuran, kuma tana yin watanni.

Na kuma rubuta ƙarara cewa lokacin ɗari, da tumatir ya cika kasuwa, kauɗa ta kayar da ni. Kasuwata ta Afrilu da Mayu ce, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, musamman a latas da ba ya shanyuwa. Kuɗin dare na sauko da shi dala 50, ɗakin ma na rage masa girma.