Hoto kawai, ko sallama babu

Shekaruna na gyaran kayan wuta a nan Damagaram sun koya mini tsoron hoton abin da ya lalace da ake turo mini a waya ba magana. Da can ina gani sai in fara cewa kwance nan, duba can, har ranar da na ce wa wani yaro ya buɗe bayan fanka, ashe tana jone, wuta ta fizge shi. Allah Ya kiyaye, amma har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Cikin bazarar nan wata Hajiya mai saida ƙanƙara a Birni ta turo hoton ralonji, rami ɗaya ya yi baƙi ƙirin, kan wayar firigo ya narke a ciki. Shi ke nan. Ban rubuta komai ba, kiranta na yi.

Na ce Hajiya barka da rana, wa ke kusa da abin yanzu? Ta ce jikanta ne zai ciro. Na ce don Allah ya ja baya, ki je wajen kwanter ki kashe dijonkter tukuna, tunda robar da ta narke ba ta kare hannu kuma, ga wutar 220 a bayanta. Sai na ce ƙasan wurin a jiƙe yake? Dole in tambaya, firigo in ya tsaya ƙanƙara narkewa take, ruwa ya kwanta kan siminti, mutum ya taka ba takalmi. Akwai hayaƙi ko ƙauri har yanzu? Jikin firigon ya taɓa jan wani? Da a ce ta amsa da e ko sau ɗaya ne, da magana ta ƙare a waya, sai na zo da kaina, don alama ce wuta na zuba a jikin ƙarfen.

Sai da hankalina ya kwanta na tambayi me da me ke jone a ralonjin. Nan zancen ya fito, wai 'yarta na guga. Ta turo hoton rubutun jikin dutsen gugar, 1200 W. Irin ralonjin nan mai arha siririyar waya gare shi, 0.75 mm², ƙarfinta bai wuce amfiya 6 ba, wato wajen wat 1300, kun ga guga kaɗai ta kusa cinye shi, ga injin firigo kuma lokacin tashi yana jan ninkin abin da ya saba sau da yawa. Ramin ma ya saki, kan wayar na rawa a ciki, inda ya saki kuwa nan zafi ke taruwa.

Abin da na yarda ta yi a waya kaɗan ne, wuta a kashe, hannu a bushe, takalmin roba a ƙafa, ta zare ralonjin daga bango, kar a sake jona shi. Da la'asar na je na canza kan wayar, na ja wa firigon nasa firiz, wato ramin jona wuta na bango, da waya 2.5 mm² mai layin ƙasa, injin ya tashi lafiya lau.